Ba nama, ba kifi, ba ƙwai: yadda za ka tara ƙwanji da wake da awara

Wani abokina da muke ɗaki ɗaya a hostel ya shafe wata huɗu yana ɗaga ƙarfe. Kullum bayan la'asar yana can yana nishi, amma damtsen nan yana nan yadda yake. Rannan ya dawo ya zube a katifa ya ce, "Mutumina, na haƙura. Wannan harka ta masu cin kaza ce, ba ta ɗan garau-garau ba." Sai na leƙa kwanonsa. Shinkafa ce tsibi guda, waken kuwa sai ka tona kafin ka gan shi. Laifin ba na garau-garau ba ne, na awo ne.

Tsoka da furotin ake gina ta, shi kuma furotin haɗi ne na wasu ƙananan sinadarai da ake kira amino asid. Tara daga cikinsu jiki ba ya iya ƙera su, dole sai daga abinci. Nama da ƙwai suna zuwa da taran nan a wadace, shi ya sa ake yabonsu. Abincin tsiro yana da su, sai dai kowane kashi da inda ya gaza. Hatsi irin su shinkafa, gero, dawa da masara suna da ƙarancin wanda ake kira laisin. Wake yana da laisin da yawa, amma ya yi ƙasa a metiyonin, wanda shi kuma hatsi ke da shi. Idan ka haɗa su, kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Ashe iyayenmu da suka haɗa koko da ƙosai, ko tuwo da miyar wake, sun riga mu sanin hanya.

Ba dole ne su haɗu a kwano ɗaya ba. Idan ka ci alala da rana, ka ci tuwo da dare, lissafi ya tashi, matuƙar a yini ɗaya ne.

Sai dai ba kowane haɗi ne ke cike giɓin ba. Gyaɗa tana da furotin sosai, wajen giram 25 a cikin giram 100, amma ita ma laisin ɗinta bai kai ba. Saboda haka kunun gyaɗa da shinkafa, duk daɗinsa, masu rauni iri ɗaya ne suka haɗu. Zuba masa madara ko ka sha shi da ƙosai. Haka ɗan wake: sunan wake ne, amma idan garin rogo ya rinjaya, an cuce ka, domin rogo kusan ba shi da furotin. Waken soya ne ya fita daban. Shi kaɗai yana ɗauke da taran nan gwargwado mai kyau, kuma busasshensa yana da wajen giram 36 a cikin giram 100. Wato awarar nan da ake rainawa ita ce ta fi kusa da nama a cikin abincin tsiro.

To nawa ake buƙata? Masana abincin 'yan wasa sun fi tsayawa a kan giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, ga mai ɗaga ƙarfe da ke son tsoka ta ƙaru. Abokina kilo 65 ne. Idan ka ninka 65 da 1.6, za ka samu giram 104. Da muka auna abin da yake ci, ko rabin haka da ƙyar yake kaiwa.

Ma'aunin da muka yi amfani da shi gwangwanin madara ne, wanda kowa ke da shi. Cikinsa na busasshen wake yana ba da furotin wajen giram 30. Cikinsa na ɗanyar shinkafa kuwa bai wuce giram 9 ko 10 ba. Kun ga ke nan inda abokina ya yi asara: yana cika cikinsa da mai 9, yana yayyafa mai 30.

Ga yadda muka tsara masa yini. Da safe koko da ƙosan da ya kai na rabin gwangwanin wake, wajen giram 20 ke nan, sai cikin tafin hannu na soyayyar gyaɗa, ƙarin giram 7. Da rana garau-garau, gwangwani ɗaya na shinkafa da rabin gwangwani na wake, giram 24. Bayan ya dawo daga ɗaga ƙarfe, awara mai nauyin giram 200 da burodi yanka biyu. Furotin ɗin awara ya danganta da yadda aka matse ruwanta, amma mai tauri za ta ba shi wajen giram 24, burodin kuma 5. Da dare fura da rabin lita na nono mai kyau, wajen giram 24. Idan ka tara, 27 da 24 da 29 da 24, ka samu 104 ba tare da tsokar nama ko ɗaya ba.

Rarrabawar nan sau huɗu da gangan ce. Babu cikin da zai ɗauki waken giram 100 na furotin a zama ɗaya, kuma jiki ya fi amfana idan yana samu kashi-kashi a tsawon yini.

Satin farko dai abokina ya sha wuya, mu ma 'yan ɗaki mun sha tare da shi. Kumburin ciki da iska ne suka sa shi gaba, saboda ya ninka wakensa dare ɗaya. Maganin shi ne a jiƙa wake ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa shi ya yi lugub, sannan a riƙa ƙara yawansa sannu a hankali cikin sati biyu ko uku. Waken soya kuwa kada a kuskura a ci shi bai dahu ba. Ɗanyensa yana da sinadarin da ke hana jiki narkar da furotin, zafin wuta ne ke kashe shi.

Nono ma sai an lura. Wanda aka tsinka da ruwa, furotin ɗinsa ya tsinke tare da shi, don haka kindirmo mai kauri ya fi. Wanda kuma ya bar har da nono da madara, to ya sani bitamin B12 ba a dogara da tsiro wajen samunsa, sai ya nemi shawarar likita kan ƙwayarsa. Mai ciwon ƙoda shi ma kada ya ƙara furotin sai da izinin likita.

Na san wani zai ce, "An ce awara tana rage wa namiji ƙarfi." Maganar ta daɗe tana yawo a soshiyal midiya, amma binciken da aka tattara a kan maza bai nuna cewa cin soya yana rage sinadarin mazakuta ba. Abin da ya fi cancanta ka damu da shi shi ne man da aka soya ta. Idan tana ɗigar mai, ka sa a yi maka miyarta ko a gasa.

Ta yaya za ka gane tsarin yana aiki? Hau sikeli sau ɗaya a sati, da safe kafin ka ci komai, kuma ka riƙa rubuta nauyin ƙarfen da kake ɗagawa. Idan bayan wata guda duka biyun suna tsaye cak, abincin ne gaba ɗaya bai isa ba, sai ka ƙara. Idan tumbi ne ke fitowa ƙarfen bai ƙaru ba, rage mai da sukarin fura, kada ka taɓa waken.

Abokina yanzu idan ya je wajen mai garau-garau, kafin ta ɗaga murfin kula yake cewa, "Hajiya, a rage shinkafa, a ƙaro wake."