Yadda ake ɗinka waƙar tallar man girki a daƙiƙa 30

Tallar rediyo, ko a Freedom ta Kano ko a Rediyon Tarayya na Kaduna, yawanci daƙiƙa 30 ce ko 60. A daƙiƙa 30, kalma 60 zuwa 70 ke shiga in magana ce. In waƙa ce ba su kai haka ba, don mawaƙi yana jan murya, makaɗi ma yana son filinsa.

Shi ya sa gwanin marubuci ke riƙe alkawari guda ya yi ta nanata shi. Ga misali, da "Wane" a gurbin sunan man:

Kasko ya yi zafi, zuba Wane!
Ƙosai ya taso, zuba Wane!
Ba kumfa, ba ƙauri,
Man Wane, suya sai da kai!

Sunan ya fito sau uku. Biyun farko amshi ne, wanda yara za su cafke su kai shi har madafa. Layi na uku ya taɓo abin da ke ci wa mai tuyar ƙosai tuwo a ƙwarya: man da ke tumbatsa da kumfa, ko ya yi hayaƙi tun kafin ƙullu ya soyu. Na ƙarshe kuwa gajere ne, ana rera shi da numfashi ɗaya, kuma a nan kalangu ke tsayawa cak don sunan ya fita tas.

Sai dai baki ba ya wuce gona da iri. Hukumar ARCON tana tantance talla kafin a watsa ta a Najeriya, kuma marubucin da ya ce man yana maganin hawan jini zai ga an dawo masa da takardarsa.