Loma a Baki, Goshi a Ƙasa: Yaya Ake Gaida Wanda Ba Zai Iya Amsawa Ba?

A ƙasar Hausa, yaron da ya wuce manya bai gaishe su ba, kafin ya isa gida labarin ya riga shi. Tun yana ƙarami ake cusa masa “ina kwana”, “ina wuni”, “sannu da aiki”, har su zame masa jiki. Abin da ba a cika zaunar da shi a koya masa ba shi ne lokutan da wannan gaisuwar take zama nauyi a kan wanda aka yi wa ita: mutum ya kai loma baki, ko ya kabbara salla, ko barci ya fara ɗibarsa bayan azahar. Ita gaisuwa tana neman amsa, a Musulunci ma amsa sallama wajibi ne. Wanda ya yi ta ga mutumin da ba shi da halin amsawa ya ɗora masa bashi a lokacin da ba zai iya biya ba.

A fara da bakin kwano, domin nan aka fi samun ruɗani. Akwai maganar da ta yaɗu cewa ba a yi wa mai cin abinci sallama, wasu ma suna ɗaukarta hadisi ce. Malaman hadisi ba su tabbatar da ita daga Annabi (SAW) ba. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekarar 676 bayan Hijira, ya warware zancen a littafinsa Al-Azkar: idan loma tana cikin bakin mutum, ba a so a yi masa sallama, in kuma an yi, amsawa ba ta hau kansa ba. Idan yana gaban abinci amma bakinsa babu komai, sallama ta halatta, amsa kuma ta wajaba. Ashe abin lura bakin mutum ne a daidai wannan lokacin. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa ƙwarewa da yaji: mai ƙoƙarin magana da abinci a baki yana buɗe wa abincin hanyar numfashi, sai tari ya sarƙe shi, hawaye na zuba, ana neman ruwa.

Al'ada ta riga ta samar da mafita mai kyau. Wanda ya tarar da maza a ƙofar gida bayan magariba, sun haɗa kwanuka ana ciyayya, yakan yi sallama guda ɗaya ga jama'a gaba ɗaya, wanda bakinsa yake sake ya amsa wa sauran. Daga nan za a ce masa “bismillah”. Ya ce “alhamdulillahi, a ci lafiya”, ya koma gefe ya zauna, ko kuwa ya wanke hannu ya sa. Doguwar gaisuwa, ta ina gajiya da yaya iyali da yaya kasuwa, tana jira sai an tsame hannu. Idan baƙo ya yi garajen miƙa hannu, mai ci yakan naɗe yatsunsa ya ba shi wuyan hannu, don kada ya shafa masa miyar kuka. Baƙo mai lura ba ya bari a kai ga haka: ya ɗora hannunsa a ƙirji, ya ɗan sunkuya, magana ta ƙare.

Akwai kuma kunya, wadda take da nata hukuncin. Mutane da yawa ba sa iya cin abinci a gaban surukansu. Saurayin da ya shigo zaure ya tarar da uban matarsa da akushi a gaba, in ya durƙusa ya shimfiɗa gaisuwa, dattijon zai iya ture kwanon ya ce ya ƙoshi, tuwo ya huce a banza. Ladabin a nan shi ne ya rusuna daga bakin ƙofa, ya ja da baya, ya dawo idan ya ga an fita da kwanuka.

Salla ta fi tsanani, domin magana da gangan tana ɓata ta. A farkon Musulunci sahabbai sukan yi wa Annabi (SAW) sallama yana salla ya amsa musu. Abdullahi ɗan Mas'ud ya ba da labarin cewa da suka dawo daga Habasha sun yi masa sallama kamar yadda suka saba, bai amsa ba, daga baya ya bayyana musu cewa salla tana da abin da ya isa ya shagaltar da mai yinta. Bukhari da Muslim duk sun kawo wannan. Amma ƙofar ishara ba ta rufe ba. Abdullahi ɗan Umar ya tambayi Bilal yadda Annabi yake amsa wa mutanen Madina idan sun gaishe shi yana salla a Ƙuba, sai Bilal ya shimfiɗa tafin hannunsa ya nuna masa. A kan irin wannan ne malaman Malikiyya, mazhabar da aka fi bi a Kano da Sakkwato da Damagaram, suka ce mai salla ya amsa sallama da hannu ko da kai, in ya amsa da baki sallarsa ta tafi.

Ko da yake hakan ya halatta, wanda ya san ya kamata ba ya jawo wa mai salla wannan aikin. Ga yadda abin yake lalacewa a gidaje da yawa. Mace ta je gidan ƙawarta da la'asar, ta tsaya tsakar gida tana “salamu alaikum, masu gida”. Shiru. Ta ƙara da ƙarfi, ta kira suna, ta ɗaga labule. Ita kuwa matar gida tana raka'a ta biyu, sai ta shiga gyaran murya, ko ta ɗaga sautin kabbara don a gane. Hankalinta ya rabu biyu, ta kasa tuna ko raka'a uku ta yi ko huɗu, ta ƙare da sujadar rafkanwa. Alamun kuwa duk suna nan tun farko: lokacin salla ne, ga buta da jiƙaƙƙiyar ƙasa a bakin rariya, ga takalma a ƙofar ɗaki amma ba a amsa ba. Wadda ta karanta waɗannan za ta nemi kujera ta zauna. Raka'a huɗu ba ta wuce 'yan mintuna. Sai dai ta kula kada ta gifta ta gaban mai sallar wajen neman wurin zama, domin hani a kan wannan ya fi na sallamar ƙarfi nesa ba kusa ba.

Sallame salla ma ba ya nufin an buɗe ƙofar hira nan take. Tsoho yana jan carbi, ko ɗan ɗarika yana lazimi, wanda ƙa'idarsa ba a katse shi da zance sai da larura. Irin wannan mutum yakan ɗaga carbin sama kaɗan, ko ya gyaɗa kai, ma'ana na gan ka, dakata. Wannan amsa ce cikakkiya, bai kamata baƙo ya ji an wulaƙanta shi ba. Ranar Juma'a kuwa, da zarar liman ya fara huɗuba, littattafan Malikiyya sun hana yin sallama da amsa ta, har da ta ishara. Wanda ya shigo a makare yana bin sahu yana miƙa wa mutane hannu ya jefa su cikin abin da suka zo da wuri don su kauce masa.

Mai hutu shi ne aka fi zalunta, wataƙila don ba a ganin hutu a matsayin aiki. Alhali Alƙur'ani da kansa ya keɓe masa lokuta. Aya ta 58 ta Suratun Nur ta ambaci uku da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga wa manya: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi don ƙailula, da bayan sallar isha'i. Idan ɗan gida sai ya nemi izini, ina ga baƙon da ya zo daga wata unguwa? Aya ta 28 ta wannan sura ta ce in an ce wa mutum ya koma, ya koma. Hadisin Abu Musa Al-Ash'ari ya ƙayyade neman izini sau uku. Mai dukan ƙyaure karo na bakwai da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ya bar ladabi da sunna duka a baya. Haka mai kiran waya a jere har sau biyar a wannan lokaci don kawai ya ce a gaida mutan gida.

Sahabi Miƙdad ya siffanta yadda Annabi (SAW) yake shigowa da dare inda suke kwance: yakan yi sallama da muryar da wanda yake farke zai ji, mai barci kuwa ba za ta tashe shi ba. Muslim ne ya ruwaito. Wannan ma'auni ya fi dacewa da ɗakin majinyata a asibiti da ɗakin mai jego. Mara lafiyar da ciwo ya hana shi runtsawa dukan dare, sai da hantsi barci ya ɗauke shi, ga ayarin 'yan dubiya sun iso. Wani zai taɓa ƙafarsa yana “sannu, yaya jiki?” don dai a shaida ya zo. Abin da ya fi shi ne a yafito mai jinya zuwa waje, a tambaye ta yadda aka kwana, a ba ta abin da aka riƙo, a ce in ya farka a gaya masa wane ya zo. Dubiya ta karɓu, barcin da jiki yake nema don ya warke bai katse ba.

To, amma ishara tana da iyaka, kuma Bahaushe yana auna ta da shekaru da matsayi. Gyaɗa kai yana wucewa tsakanin tsara da tsara, ko daga babba zuwa yaro. Yaron da ya gyaɗa wa kawunsa kai yana tsaye ƙiƙam ya yi abin da ya fi shirun muni. Tasa isharar da jiki duka ake yinta: ya rage sauri, ya rusuna ko ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, sannan ya wuce. Talaka da ya hangi hakimi daga nesa jinjina yake yi, ya dunƙule hannun dama ya ɗaga. Mace takan ɗan rage tsawo ta kawar da ido. Malamai kuma ba su son a mayar da ɗaga hannu madadin sallama alhali babu abin da ya hana magana. Inda nisa ko ƙarar kasuwa ta hana ji, sai a haɗa biyun, baki yana furtawa hannu yana nunawa. Asma'u 'yar Yazid ta ruwaito cewa Annabi ya wuce wasu mata a masallaci ya yi musu ishara da hannu yana mai sallama, malamai kuma suka fassara shi da haɗa lafazi da nuni.

Sauran abu guda da matasa suka fi mantawa: ishara jinkirta gaisuwa take yi, ba ta share ta. Wanda ya rusuna wa dattijo yana salla ya wuce, ana sa ran ya dawo bayan an shafa addu'a, ya durƙusa ya ce “Baba, na zo ɗazu kana salla, ina wuni?” Idan bai dawo ba, dattijon da ya gan shi ta wutsiyar ido zai riƙe cewa yaron wane ya shigo gidan nan ya fita bai gaishe shi ba, kuma zancen zai kai kunnen uban yaron.