Tantance lahanin karas, rogo da doya ta hoto

Tantance lahanin karas, rogo da doya ta hoto hanya ce da malaman gona da dillalai ke bi wajen gano abin da ya samu amfanin da ke girma a cikin ƙasa ba tare da sun je gonar ba. Lahanin da aka fi nema guda huɗu ne: rabuwar saiwa, tsagewa, ruɓewa da lalacewar ajiya. Hoton bawo kaɗai ba ya wadatarwa, domin yawancin ɓarnar tana ɓoye ne a ciki.

Hotunan da ake buƙata

Ana ɗaukar hoto uku a hasken rana, amma a inuwa. Na farko yana nuna saiwar gaba ɗaya bayan an kakkaɓe ƙasa, na biyu yana nuna wurin lahanin a kusa, na uku kuma yana nuna cikinta bayan an yanka. Ana ɗaukar na ukun nan take, saboda wasu irin doya suna canza launi idan iska ta buge su. Ana kuma rubuta kwanakin da amfanin ya yi da haƙowa.

Karas

Karas yana rabuwa gida biyu ko fiye idan bakin saiwarsa ya ji rauni tun yana ƙarami. Idan ƙafafun sun fito sumul, galibi dutse ne, ko ƙasa mai tauri, ko takin dabbobi da bai ruɓe ba. Idan kuwa ana ganin ƙananan ƙulluttai a jikin siraran saiwoyi, alama ce ta tsutsar ƙasa da ake kira nematod, wadda ido ba ya gani. Saboda haka ba a tsinke siraran saiwoyin kafin a ɗauki hoto.

Tsaga mai bin tsawon karas tana faruwa ne idan ruwa mai yawa ya zo bayan ƙasa ta bushe. Tsagar da ta faru a cikin ƙasa bakinta busasshe ne, kuma akwai ƙasa a ciki. Wadda ta faru wajen tuɓewa ko lodi tana da tsabta da launi mai haske.

Rogo

Rogo yana fara lalacewa tsakanin awa 24 zuwa 72 bayan haƙowa. A hoton yanka ana ganin ɗigo-ɗigo ko jirwaye masu launin shuɗi da baƙi, sun yi zobe kusa da bawo. Wannan ba cuta ba ce, martani ne na saiwar ga rauni, shi ya sa yake farawa daga inda aka sare ta ko ta karye. Ruɓewar ƙwayoyin cuta tana biyo baya bayan kwana biyar zuwa bakwai, inda naman ke yin laushi da ruwa.

Misali, idan dillali ya aiko da hoton rogo mai baƙin jirwaye yana zargin cuta, abin da ake fara tambaya shi ne ranar haƙowa. Sai a nemi a yanka saiwar a wuri uku: kusa da sara, tsakiya da ƙarshe. Idan jirwayen sun yi yawa kusa da sara suka ragu a tsakiya, kuma rogon ya kwana uku, jinkiri ne ya jawo. Idan kuma an ga busassun tabo masu launin ƙasa-ƙasa a saiwar da aka haƙo a ranar, matsalar daga gona take. Haka cutar jirwayen rogo ke bayyana, wadda ta fi yawa a gabashin Afirka.

Doya

Ramuka masu siffar ƙoƙo a jikin doya aikin buzuzun doya ne, wanda ke cin ta tun tana ƙasa. Idan ramin ya bushe ya warke, cikin doyar kan kasance lafiya. Busasshiyar ruɓewa ta fi wannan haɗari. Nematod ne ke jawo ta, kuma a waje ba a ganin komai sai ƙananan tsagu da bawo mai ɓarewa. Idan aka kankare bawon, sai a ga rawaya, daga baya launin ƙasa ko baƙi, wanda zurfinsa ba ya cika wuce santimita biyu. Tana ci gaba da yaɗuwa a ajiya, kuma irin wannan doya ba ta dace da iri ba.

Jiƙaƙƙiyar ruɓewa kan fara ne daga saran fartanya ko wurin da doya ta bugu. Doyar da ta yankwane ta yi tsiro kuwa, daɗewa ce a ajiya.

Iyakar hoto

Hoto ba ya nuna wari, laushi ko nauyi, kuma ƙasar da ta manne tana iya kama da tabo. Ƙwayoyin cuta daban-daban suna barin tabo iri ɗaya, don haka tabbatar da sunan cuta sai an kai samfuri ɗakin gwaji.