Sandunan da Suka Sauya Tsawo, Lambobi Kuma Suna Nan

Mu ɗauki misalin ɗalibi mai digiri na biyu a fannin aikin gona. Ya gwada taki iri biyu a kan masara: na farko ya ba da tan 3.2 a kowace hekta, na biyu tan 3.6. Ya zuba lambobin a Excel, ya fitar da zane mai sanduna biyu, ya saka a babi na huɗu na kundinsa. Da aikin ya dawo daga hannun malamin da ke duba shi, sai ya tarar da jan biro a gefen zanen: "Me ya sa layin tsaye ya fara daga 3.0?"

Kowane zane irin wannan yana da layuka biyu. Na kwance yana ɗauke da abin da aka gwada, wato nau'in taki, na tsaye kuma yana ɗauke da abin da aka auna, wato amfanin gona. Ido ba ya karanta lamba, tsawon sanda yake gani. Da yake layin tsayen ya fara daga 3.0, sanda ta farko ta tashi da 0.2 kawai, ta biyu da 0.6. Duk wanda ya kalla zai rantse taki na biyu ya ninka na farko sau uku, alhali ƙarin da aka samu na gaskiya kashi 12.5 cikin ɗari ne. Edward Tufte, a littafinsa na 1983 kan zana alƙaluma, ya kawo hanyar auna irin wannan ruɗi: a raba bambancin da zane ya nuna da wanda ke cikin lambobi. A nan kashi 200 ne a raba da 12.5, abin da ya ba da 16.

Ba lallai ɗalibin ya yi nufin yaudara ba. Excel da kanta takan yanke gindin layin idan lambobin suna kusa da juna. Gyaran bai kai minti ɗaya ba: a danna layin, a shiga Format Axis, a mayar da Minimum zuwa 0.

Abin da ya fi gyaran wuya shi ne imel ɗin da zai raka shi. Malami na riƙe da ɗalibai da yawa, kuma ba zai tuna abin da ya rubuta da jan biro makonni uku da suka wuce ba. In ya buɗe sabon babi ya ga sandunan da dā suke da rata yanzu sun kusa yin kai ɗaya, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne ko an taɓa lambobin. Wannan zargin ne imel ɗin zai kashe tun kafin ya taso. Ga yadda ɗalibin ya kamata ya rubuta:

"Assalamu alaikum, Malam. Da fatan an yini lafiya. Game da gyaran da ka yi mini a Zane na 4.2, na mayar da layin tsaye ya fara daga sifili maimakon 3.0, domin yadda yake a dā yana zuzuta bambancin takin biyu. Lambobin ba su canza ba, suna nan yadda suke a Jadawali na 4.1. Akwai abu guda da ba ka ce in yi ba amma na yi: na rubuta 3.2 da 3.6 a saman sandunan, tunda yanzu ratar ta ƙanƙance a ido. Na kuma cire kalmar 'gagarumin' daga bayanin da ke ƙarƙashin zanen. Tsohon zanen da sabon duka suna haɗe da wannan saƙo. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Jimlar nan ta cire "gagarumin" ita ce ta fi burge ni. Ɗalibai da dama sukan gyara zane su manta da rubutun da aka gina a kansa, sai mai jarrabawa daga waje ya tarar da shafi na cewa an samu gagarumin bambanci, zanen kuwa yana nuna sanduna biyu kamar Hassan da Hussaini.

Sai dai ba kowane zane ne dole ya fara daga sifili ba, kuma wani lokaci ɗalibi ne ke da gaskiya. Zanen da ke bin zafin jikin majinyaci da layi, daga digiri 37 zuwa 39, in aka fara shi daga sifili zazzaɓin zai ɓace, ya koma layi a miƙe. A nan ido yana bin hawa da sauka ne, ba tsawon sanda ba. Ɗalibin da ke wannan hali sai ya aika zanen iri biyu, ya faɗi dalilinsa cikin ladabi a jimla ɗaya, ya rubuta a ƙarƙashin zanen cewa layin tsaye ya fara daga 36, sannan ya bar wa Malam zaɓi.