Za Ka Daina Biyan Kuɗin Dish Ko Jarida? Fara Duba Kwanan Wata

Wanda zai tashi daga gida, ko zai yi doguwar tafiya, ko kuma aljihu ya matsa masa, yakan fara da yanke kuɗin dish da na jarida. Sai dai da yawa kan yi asara a wannan gaɓar, saboda ba su yi wa kansu tambaya ɗaya ba: kafin in amfana nake biya, ko bayan na amfana? Amsar ita ce ke nuna ranar da ya kamata a tsaya.

Mu fara da dish. A Najeriya, DStv da GOtv da StarTimes duk kafin kallo ake biyansu, haka ma Canal+ a Nijar. Dikoda da kwanon kuwa sayensu ka yi, naka ne. Don haka idan ka daina biya, ba bashin da zai biyo ka. Kwanakinka na ƙarewa za a rufe tashoshin. Abin lura shi ne, watan dish ba ya bin kalandar bango. Daga ranar da aka kunna maka yake fara ƙirga.

A ce ka biya naira 18,000 ran 10 ga Yuni. Kallonka zai kai wajen 9 ga Yuli, wato kowace rana ta tashi a kan naira 600. Idan ka kulle gida ka tafi ran 20 ga Yuni, kwana 10 kacal ka mora. Sauran kwana 20, na naira 12,000, za su ci gaba da tafiya ko da ka zare dikoda daga wuta, domin kwana ake ƙirgawa, ba awannin kallo ba. Kada ka sa rai za a maido maka da su. Da ka san da tafiyar, da ka sauka zuwa ƙaramin tsari tun ran 10, ko ka biya na mako guda idan kamfaninka na sayar da shi, kamar yadda StarTimes ke yi.

Inda aka fi cizon yatsa shi ne cirar kuɗi kai tsaye. Idan ka taɓa ba banki umarnin biya duk wata, ko ka ajiye lambar katinka a manhajar kamfanin, to shirunka ba ya nufin ka daina. Sai ka soke umarnin da kanka, a wurin da ka ba da shi, kwana uku ko huɗu kafin ranar sabuntawa, ka kuma ajiye saƙon da ya tabbatar. Haka nan idan ka riga ka tura kuɗin wata mai zuwa suna zaune a asusunka na kamfanin, da su za a sabunta. Alamar cewa ba ka soke ba a fili take: ranar ƙarewa ta wuce, amma tashoshi na nan suna aiki.

Jarida kuwa akasin haka take. Mai kawo maka Daily Trust kowace safiya yakan sako ta ƙarƙashin ƙofa, sai ƙarshen wata ya zo da ɗan littafinsa. A nan kai ake bi bashi, kuma kofi-kofi ake lissafi.

A ce watan ya kama ran Litinin, ka karɓi kofin ƙarshe ran Alhamis 18 ga wata. Ranakun aiki 14 ke nan, da na ƙarshen mako 4. Idan ta ranar aiki naira 300 ce, ta Asabar da Lahadi 400, to 4,200 da 1,600 sun zama 5,800. Akwai Talata biyu da bai kawo ba, sai a cire 600, saura 5,200. Idan ka ba shi kafin alƙalami na 2,000 a farkon wata, abin da ya rage a kanka 3,200 ne.

Amma ka sanar da shi da wuri. Tun da asuba yake ɗauko jaridu daga hannun dillali, da lissafin kofinka a ciki. Ka faɗa masa ranar ƙarshe ƙarara: "Malam, ran Alhamis 18 ga wata ka kawo ta ƙarshe, ka zo da littafinka mu yi lissafi." Idan ka tashi ba sallama, zai ci gaba da sakowa a gidan da ba kowa, kuma haƙƙinsa na wuyanka.

Mai karatu, yau ɗin nan ka duba ranar ƙarewar dish ɗinka, ka rubuta ta a kalanda. Mai jarida kuma ka sallame shi hannu da hannu kafin ka ɗaure kaya.