Damar Sayen Hannun Jari: A Yi Lissafi Kafin A Sa Hannu

Wasu kamfanoni kan haɗa wa ma'aikaci albashi da damar sayen hannun jarinsu a kan ƙayyadadden farashi bayan cikar wani wa'adi. Sai dai wannan ba kyauta ba ce, izinin saye ne kawai.

A ƙaddara an ba ka damar sayen hannun jari 10,000 a kan Naira 50 kowanne, kashi ɗaya bisa huɗu yana zama naka duk shekara. Kada ka ɗauka ka samu Naira 500,000, domin wannan shi ne kuɗin da za ka biya. Idan shekara ta zagayo farashin kasuwa ya kai Naira 80, ribarka ita ce ratar Naira 30 sau 2,500, wato Naira 75,000, kafin haraji. Idan kuwa ya faɗo zuwa Naira 45, babu riba a ranar, tunda saye a kasuwa ya fi araha.

Haka kuma, wanda ya ajiye aiki kafin wa'adi galibi yakan rasa kason da ya rage. Saboda haka kada mutum ya yarda a rage masa albashi na zahiri kafin ya yi wannan lissafi.