Ruwan da Ba Ya Saurin Canza Hali: Yadda Ake Haɗa Bafa a Ɗakin Gwaje-gwaje

A ɗakin gwaje-gwajen asibiti, kafin ma'aikaci ya duba jinin mai zazzaɓin cizon sauro a madubin likita, sai ya rina jinin da wani rini mai suna Giemsa. Ana tsarma rinin ne da ruwa, kuma ba kowane ruwa ba. Idan ruwan ya karkata ga tsami, jinin zai fito da ja fiye da kima. Idan ya karkata ga ɓangaren kanwa, sai ya yi shuɗi-shuɗi. Ko ta wane gefe aka kauce, gane ƙwayar cutar yana ƙara wuya. Shi ya sa ake so ruwan ya tsaya a kan pH 7.2, ya kuma zauna a wurin ko da ɗan tsami ko ɗan kanwa ya shiga cikinsa. Irin wannan ruwa mai riƙe matsayinsa shi masana kimiyyar sinadarai ke kira bafa.

Shi pH ma'auni ne na tsamin ruwa. Tataccen ruwa yana kan 7; abin da ke ƙasa da 7 asid ne, kamar ruwan lemun tsami; abin da ke sama da 7 alkali ne, kamar jiƙon kanwa ko ruwan toka. Kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne, don haka ruwan da ke kan 4 ya fi wanda ke kan 5 tsami sau goma.

Ana haɗa bafa da abubuwa biyu 'yan gida ɗaya: asid mai rauni da gishirinsa. Asid mai rauni shi ne wanda idan ya shiga ruwa, kaɗan daga cikinsa ne kawai ke sakin ƙwayar tsamin nan da ake rubutawa H⁺, sauran kuwa ya riƙe tasa. Aikin biyun nan kamar na ɗan canji ne a Wapa wanda ke da naira a aljihu ɗaya, sefa a ɗayan: duk kuɗin da aka kawo masa yana da abin musanya. Idan asid ya shigo daga waje, gishirin zai kama H⁺ ɗin ya koma asid mai rauni. Idan alkali ne ya shigo, asid mai raunin zai ba da nasa H⁺ ɗin ya kashe kaifinsa, shi kuma ya koma gishiri. Muddin dukkansu biyu suna nan da yawa, pH ba ya gusawa sai ɗan kaɗan.

Lissafin da ke faɗin inda pH zai tsaya ya samo asali ne daga binciken jini. Lawrence Henderson na Jami'ar Harvard ya fitar da tushensa a 1908. A 1909 Sørensen ya ƙirƙiro ma'aunin pH a birnin Kwapanhagan, sannan bayan 'yan shekaru wani ɗan ƙasar Denmark, Karl Hasselbalch, ya sake tsara lissafin Henderson a kan sabon ma'aunin. Ga shi yadda ake rubuta shi:

```
pH = pKa + log([A⁻]/[HA])
```

[HA] shi ne yawan asid ɗin, [A⁻] yawan gishirinsa, pKa kuwa lamba ce da kowane asid mai rauni yake da tasa, ana samunta a littattafan sinadarai. Abin da lissafin ke cewa a taƙaice: idan asid da gishiri suka zo daidai wa daida, pH zai zama daidai da pKa, idan gishiri ya rinjaya, pH zai hau, idan asid ya rinjaya, zai sauka. Daga nan ne ƙa'idar zaɓe ta fito. Ana ɗaukar asid ɗin da pKa ɗinsa ke kusa da pH ɗin da ake nema, tazarar kada ta wuce mataki ɗaya sama ko ƙasa, domin a wannan iyakar ɗayan ya riga ya ninka ɗan'uwansa sau goma, ƙaramin kuma ba zai jima ba zai ƙare.

A ɗauka wata ɗaliba a sashen kimiyyar sinadaran halitta tana buƙatar lita ɗaya ta bafa mai pH 5.00, kuma jimillar asid da gishiri ta zama mol 0.10 a litar. Mol hanya ce ta ƙirga ƙwayoyin sinadari ta hanyar auna nauyinsa. Asid ɗin da ya dace da ita shi ne asetik asid, wato sinadarin da ke ba ruwan khal tsaminsa, domin pKa ɗinsa 4.76 ne, kusa ƙwarai da 5.00. Gishirinsa kuma sodiyam asitet.

Da farko za ta cire 4.76 daga 5.00, ta sami 0.24. Sai ta danna maɓallin 10^x a kalkuleta da wannan lamba, ya ba ta 1.74. Ma'anarsa, duk kashi 1 na asid yana buƙatar kashi 1.74 na gishiri, kasuwa duka 2.74 ke nan. Idan ta raba mol 0.10 gida 2.74, asid zai tashi da mol 0.0365, ragowar mol 0.0635 kuma na gishiri ne.

Sikeli bai san mol ba, giram ya sani, don haka sai a juya. Mol ɗaya na asetik asid giram 60.05 ne, mol 0.0365 ya zama giram 2.19. Tunda ruwa-ruwa ne, kuma kowace mililita tana da nauyin kimanin giram 1.05, za ta zuƙo mililita 2.1 da bututun awo. Zallarsa yana da ƙarfin wari kuma yana ƙona fata, saboda haka da safar hannu da tabarau ake taɓa shi, ba a kuma zuƙo shi da baki. Yana daskarewa idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 17, har mai aiki a Jos da safiyar hunturu kan iya tarar da shi ya yi ƙanƙara a kwalba. Bai lalace ba, ɗan ɗumi kawai yake so.

Wajen auna gishirin ne mutane da yawa ke faɗawa rami, kuma ya kamata a tsaya a nan sosai. Sodiyam asitet iri biyu ake sayarwa. Akwai busasshe, wanda aka rubuta CH₃COONa a jikin kwalbarsa, mol ɗaya giram 82.03. Akwai kuma mai ɗauke da ruwa a cikin ƙwayoyinsa, CH₃COONa·3H₂O, mol ɗaya giram 136.08. Dukkansu farare ne, wanda bai karanta takardar jikin kwalbar ba yana iya ɗaukar wannan a madadin wancan. Idan busasshen ne a hannunta, giram 5.21 za ta auna. Idan mai ruwan ne, giram 8.64. Da a ce ta yi lissafi da busasshe amma ta ɗebo giram 5.21 daga kwalbar mai ruwa, ainihin gishirin da ta zuba mol 0.038 ne kawai, kusan daidai da asid ɗin, pH ɗin kuma zai tsaya wajen 4.78 maimakon 5.00. Ruwan zai fito garau, babu abin da ido zai gani.

Haɗawar kanta ba ta da wuya. Za ta zuba tataccen ruwa kimanin mililita 800 a kofin gilashi, ta narkar da gishirin, sannan ta zuba asid ɗin cikin ruwan tana motsawa. Ba ta cika lita tun farko ba saboda akwai gyara a gaba. Sai ta daidaita na'urar auna pH da ruwayen gwaji guda biyu da aka san matsayinsu, na 4.01 da na 7.00, ta ɗauraye bakin na'urar, ta tsoma.

Ba abin mamaki ba ne ta ga wajen 4.9 a fuskar na'urar ko da ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Lissafin Henderson da Hasselbalch yana ɗaukar cewa ƙwayoyin da ke cikin ruwan ba sa damun juna, alhali gishiri idan ya narke yana rabuwa zuwa ƙwayoyi masu cajin lantarki da ke jan juna, wannan kuma yana rage tasirinsu. Haka kuma pKa ɗin littafi na zafin digiri 25 ne. Asitet bai cika damuwa da zafi ba, amma wani bafa da ake yawan amfani da shi, Tris, yana sauka da kimanin 0.03 a kan kowane digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, abin da ba ƙarami ba ne a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska a Sakkwato ko Maraɗi cikin watan Afrilu. Ita kuwa fosfet, wadda ake yi wa rinin Giemsa, tazararta ta fi ta asitet faɗi: giram 0.7 na KH₂PO₄ da giram 1.0 na Na₂HPO₄ a lita ɗaya, a lissafin takarda da pKa 7.20 za su ba da sama da 7.3, amma a kofi sukan sauka ƙasa da haka, sai an auna an gyara zuwa 7.2. Duk wanda ya dogara da takarda shi kaɗai bai gama aikinsa ba.

Gyaran ɗiga-ɗiga ake yi. Idan pH ya gaza, ɗalibar za ta ɗiga ruwan sodiyam haidiroksaid tana motsawa tana jiran lambar ta tsaya; idan ya zarce, ta ɗiga asetik asid da aka tsarma. Gaggawa a nan takan sa a yi ta kai-komo tsakanin asid da alkali har gishiri ya yi yawa a ruwan, ƙarfin bafan ya tashi daga yadda aka tsara. Da lambar ta zauna a 5.00, sai ta juye a tulun awo mai dogon wuya, ta cika da tataccen ruwa har zanen lita ɗaya. Ƙarin ruwan ba ya canza pH sosai, domin yana tsarma asid da gishiri tare, rabon da ke tsakaninsu bai taɓu ba.

Ana iya gwada ko bafan yana aiki da lissafin nan guda. A zuba mol 0.010 na asid mai ƙarfi, wato HCl, a litar da ta haɗa. Gishiri zai ragu zuwa 0.0535, asid ya ƙaru zuwa 0.0465, pH ya sauka daga 5.00 zuwa 4.82 kacal. Wannan adadin a lita ɗaya ta tataccen ruwa zai jefo pH daga 7 zuwa 2. Amma ƙarfin yana da iyaka: gishirin mol 0.0635 ne gaba ɗaya, idan asid ɗin da aka zuba ya kai haka, ya cinye shi ƙaƙaf, daga nan pH zai faɗi warwas. Wanda aikinsa zai fitar da asid mai yawa sai ya ninka awon duka biyun, misali zuwa mol 0.20, rabon yana nan a 1.74.

Saura ajiya. A rubuta sunan bafan, ƙarfinsa, pH ɗinsa da ranar haɗawa a jikin kwalbar, a toshe bakinta da kyau, a sa a firiji. Asitet da fosfet duka abinci ne ga ƙananan halittu, kuma a zafin ƙasarmu ba sa ɗaukar dogon lokaci kafin su fara yaɗuwa a ciki. Kwalbar da ruwanta ya yi duhu-duhu ko aka ga zare-zare na yawo a ciki, zubarwa ake yi a haɗa sabo.